Abin da ke faruwa a cikin goran kaɗa nono, da amfanin tsalar da ta rage

Duk wanda ya saba sayen man shanu a kasuwar Dukku ko Bajoga ko Kumo ya san cewa daga watan Maris zuwa Mayu mai yakan yi wuya. Curin da ake samu yakan ƙanƙance, wani ma sai a gan shi a ƙwarya ya yi laɓa-laɓa, ya kasa tsayawa da kansa. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne shanu ba su ƙoshi ba, ciyawa ta ƙare, nono ya ja baya. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ragowar rabin yana cikin gora, domin a bazara ko an samu madarar, raba ta da manta yakan zama aiki ja, kuma dabarar da ake yi don a ceto man ita ce take yanke hukuncin irin nonon da zai iso ƙwaryar mai shan fura.

Sai mu fara da yadda man yake zaune a cikin madara. Idan aka tatso saniya, man yana warwatse ne a matsayin ƙananan ɗigo waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗigo kuma a lulluɓe yake da wata 'yar fata siririya da ke hana shi mannewa da ɗan'uwansa. Shi ya sa madara take fara sol, ba a ganin mai yana yawo a kanta yadda man gyaɗa ke yi a kan ruwa. Idan aka ajiye ta a ƙwarya aka rufe da faifai, ɗigon nan sukan taso sama a hankali saboda sun fi ruwa rashin nauyi, su taru su yi kauri a saman nono. Amma ko a nan ɗin ba su zama man shanu ba tukuna, kowanne yana cikin fatarsa. Aikin kaɗawa gaba ɗayansa shi ne a fasa wannan fata. Girgizar gora tana cusa iska cikin nono ta yi kumfa, ɗigon mai su taru a jikin kumfar, su yi ta karo da juna har fatarsu ta yage. Man da ya tsiyayo daga ciki shi ke manne su, ƙanana su haɗu su zama ƙwayoyi, ƙwayoyi su haɗu su zama curi.

Kafin a kai ga gora, sai nono ya yi barci. Matar da ta san aikinta takan tace madarar safe, ta tafasa ta, ta bari ta huce har ta zama ɗumi-ɗumin da yatsa zai jure, sannan ta zuba iri, wato ɗan nonon jiya mai kyau, kamar cokali biyu ko uku a kowace lita. Ƙwayoyin halittar da ke cikin irin nan suna cin sukarin madara su mayar da shi tsami, tsamin kuma shi ke sa nono ya daskare ya zama kindirmo. Da zafi, yini ɗaya ko dare ɗaya ya isa. Da hunturu yakan kai kwana guda cur, har a rufa wa ƙwaryar zane. Nonon da ya yi barci sosai ya fi saurin sakin mansa fiye da madara ɗanya, kuma abin da ya rage bayan an cire man zai iya kai wa kasuwa bai lalace ba, domin tsamin yana kare shi. Tafasawar nan kada a raina ta. Cutar bakkale mai sa shanu ɓari da tarin fuka na shanu duka suna bin madara su kama mutum, kuma tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe su.

Akwai lokacin da za a sa iri a jira, nono ya ƙi barci, ya tsaya tsararo ko ya yi yauƙi da wari. Sau da yawa dalilin yana garke. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin yana fitowa a nononta na wasu kwanaki, ya kashe irin da aka zuba. Saniya mai ciwon hantsa kuma madararta takan zo da gudaji ko ɗan gishiri-gishiri. Irin wannan madara ba ta gora ba ce, ba ta kasuwa ba ce.

Hanyar kaɗawa biyu ce. Wasu sukan kwashe saman nonon da ludayi, su tara na kwana biyu ko uku, su kaɗa shi kaɗai. Wasu kuma kindirmon gaba ɗaya suke burgawa da maburgi ya saki, su ɗura a gora. Ta farkon ta fi sauƙi ga hannu, ta biyun kuma ita ta fi tatso man, domin ludayi ba ya iya kwashe duk abin da ke cikin nono. Ta biyun zan bi, don a nan ne maganar tsalar da ta rage take da nauyi.

Bari mu ƙaddara wata mata a wata ruga a gefen dajin Wawa-Zange, tana da kindirmo lita 10 na fararen shanun nan Bunaji. Madarar irin waɗannan shanu ba ta da yawa, amma tana da mai, yakan kai kashi 5 cikin 100 ko kusa da haka. Ke nan a cikin lita 10 ɗin nan akwai mai kimanin giram 500. Tambayar ita ce nawa daga ciki zai fito a curi, nawa zai maƙale a nono.

Abu na farko da za ta kiyaye shi ne kada ta cika gora. Gora mai cin lita 10 ba a zuba masa fiye da lita 4 ko 5, don haka za ta raba aikin gida biyu. Sararin da aka bari shi ke ba nono damar tafiya ya bugi wancan gefe ya dawo, kuma a nan iskar da za ta yi kumfa take. Wanda ya cika gora don ya gama da wuri, zai yini yana girgiza bai ga komai ba, domin nonon yana juyawa ne kawai ba ya buguwa. Ta toshe bakin da totuwar masara ko tsumma mai tsabta, ta zauna ta ɗora gora a kan gammo ko cinya, tana turawa tana jawowa. Bayan 'yan mintoci na farko za ta buɗe ta saki iskar da tsamin nono ya tara, in ba haka ba marfin zai yi tsalle nono ya fantsama. Girgizar ba ta son gaggawa. Bugu mai tsari, wanda nono zai kai ƙarshen gora ya dawo kowane karo, ya fi na ƙarfi da zai gajiyar da kafaɗa cikin minti 10.

Tunda gora ba ya nuna abin da ke cikinsa, kunne ne ke aiki. Da farko sautin mai nauyi ne, luɓus-luɓus. Can sai kumfa ta cika, gora ya yi kamar ya yi shiru, har wanda bai saba ba ya zaci aikin ya tsaya. Nan ne ake daurewa. Ba da jimawa ba kumfar za ta faɗa, sautin ya koma na ruwa-ruwa mai tsalam-tsalam, alamar man ya rabu. Idan ta ciro totuwar za ta ga 'yan ƙwayoyin mai sun manne a jikinta, ƙanana kamar tsabar gero. A yanayi mai kyau, daga farawa zuwa nan bai cika wuce rabin awa zuwa awa guda ba.

To, yanzu mun zo kan abin da ya fi komai muhimmanci, wato sanyi. Man shanu ba abu guda ba ne mai narkewa lokaci guda. Haɗin mai ne iri-iri, wani yana daskarewa da wuri, wani yana zama ruwa ko da sanyi. Don ƙwayoyi su haɗu, dole ne wani sashe ya kasance a daskare ya ba curin ƙashi, wani sashe kuma a narke ya yi aikin manni. Wannan daidaito yana samuwa ne idan nonon yana wajen digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya doshi digiri 35, kusan duk man ya narke, babu abin da zai riƙe wani. Ana fasa fatar ɗigon, amma maimakon su taru sai su sake warwatsuwa, su bi nono. A Gombe kuwa zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40, dare ma ba ya yin sanyin kirki. Wannan ne dalilin da ya sa matan ruga suke kaɗa nono da asuba kafin rana ta fito, kuma shi ya sa man hunturu yake fitowa da ƙarfi, a cure shi ya zauna daram. Sanyin ma in ya yi yawa yana da nasa cikas. A safiyar Janairu mai tsananin hunturu man yakan taurare har ƙwayoyin su ƙi mannewa, kumfa ta yi ta tashi ba ta faɗawa. Maganinsa ɗan ruwan ɗumi kaɗan, ko a ajiye gora kusa da murhu na ɗan lokaci.

Mu koma ga lita 10 ɗin matar nan. Idan da sanyin safiyar Disamba ta kaɗa, tana iya tsamo kimanin giram 400 daga cikin giram 500 na man. Tunda man shanu ɗanye kashi ɗaya cikin biyar nasa ruwa ne da ɗan nono, curin da za ta auna zai kai kusan rabin kilo. Giram 100 da ya rage yana cikin nono kusan lita 9 da rabi, shi ke ba shi ɗan garɗi. Idan kuma a Afrilu ne, da hantsi, nono ya kwana a ɗaki mai zafi, ba abin mamaki ba ne rabin man kawai ya fito, shi ma a narke, mai wuyar tattarawa. Man bai ɓata ba, yana cikin nonon, amma a kasuwa da farashin nono za a saye shi, ba da na man shanu ba.

Dabarar da kowa ya sani ita ce ruwan sanyi. Da zarar ƙwayoyi sun fara bayyana, sai a zuba ruwan randa a cikin gora a ci gaba da girgizawa a hankali. Ruwan yana sauke zafin nono, ƙwayoyin su yi tauri, kuma yana sassauta kaurin nonon yadda za su samu hanyar tasowa sama su haɗu. Wannan aiki ne na ilimi, ba algus ba ne, kuma ina ganin bai kamata mutanen gari su riƙa jin an ce an sa ruwa a gora su ɗauka ha'inci ne ba. Matsalar tana wajen yawa. A nonon lita 9 da rabin nan akwai furotin, sinadarin nan mai gina jiki, kimanin giram 330. Idan ruwa lita 1 aka ƙara, kowace lita ta nono tana ɗauke da wajen giram 31, mai sha ba zai ji bambanci ba. Idan zafi ya sa aka yi ta ƙarawa har lita 4, abin ya sauko wajen giram 24 ko 25 a lita, an rage kusan kashi uku cikin goma na amfaninsa. Daga nan ne ake neman abin da zai mayar masa da kauri, a dama garin 'ya'yan kuka a zuba. Kuka ba guba ba ce, abinci ce mai kyau da tsaminta, amma wanda ya ba da kuɗin nono, nono ya kamata ya samu, ko a gaya masa abin da ke ciki.

Saboda haka ya fi kyau a sanyaya nonon tun kafin ya shiga gora, maimakon a jira a gyara da ruwa. A kwana da ƙwaryar kindirmo a waje inda iska ke kaɗawa, a rufe da faifai, a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu ko zane. Iskar bazara busasshiya ce, tana busar da jiƙon tana janye zafi, yadda take sanyaya ruwan randa. A jiƙa bayan goran ma yayin kaɗawa. Masu zama kusa da gari irin su Gombe ko Bajoga da ke samun ƙanƙara, su sa ta a leda mai kauri su tsoma a nonon na ɗan lokaci su cire, sanyin ya shiga ba tare da ruwan ba. Ruwan da za a zuba a gora kuwa, a tafasa shi tun da yamma a bar shi ya kwana a randa mai tsabta. An wahala an tafasa madara, abin takaici ne a dawo a zuba mata ruwan tafki a ƙarshe, domin nonon nan ba za a sake ɗora shi a wuta ba, haka zai shiga cikin yara.

Idan ƙwayoyi suka kai girman dawa ko wake, a tsaya. Wanda ya ci gaba har suka dunƙule a cikin gora, ya kulle nono a cikin curin, kuma wannan nonon shi ke sa mai ya yi wari da ɗaci cikin 'yan kwanaki. A juye a faffaɗar ƙwarya, a tsame man da ludayi ko jiƙaƙƙen hannu, a wanke shi da ruwan sanyi ana matsawa, sau biyu ko uku, har ruwan ya daina fita fari. Sannan a cura, a ajiye cikin ruwan sanyi ko cikin nonon kansa zuwa kasuwa. Wanda za a ajiye ya daɗe, soya shi ake yi a wuta marar ƙarfi, wasu da albasa, har ƙarar tafasa ta ɗauke, gutsattsarin ƙasa su yi ja. Rabin kilon nan zai koma wajen giram 400, amma zai yi watanni a kwalba mai murfi. Launin kuma na kaka da damina ya fi rawaya saboda ɗanyar ciyawa, na rani fari-fari ne, wannan ba alamar algus ba ce.

Abin da ya rage a ƙwarya shi ne tsala, kuma shi ne mafi yawan nonon da muke saya a bakin kasuwa. Mai ne babban abin da ya fita. Furotin ɗin yana nan kusan duka, haka sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, wanda yakan kai giram 1 a lita. Ga shi kuma wani sashe na sukarin madara ya riga ya koma tsami, shi ya sa mutane da yawa da madara ɗanya ke kumbura wa ciki suke shan nono lafiya lau. Babban amfaninsa dai kowa ya sani: fura, farau-farau, dambu, gumba, da dakkere a gidajen Fulani. Wannan haɗi na gero da nono ba don daɗi kawai yake da daraja ba. Furotin ɗin gero yana da giɓin wani sinadari mai suna laisin wanda nono ke da shi da yawa, don haka tare sun fi kowannensu shi kaɗai gina jiki. Ga mai azumi a zafin Afrilu ko manomi a bakin gona, tsala ta fi kindirmo sauƙi a ciki, tana mayar da ruwan jiki ba tare da nauyin mai ba.

Tsalar yau kuma ita ce irin gobe, muddin tsaminta mai daɗi ne, ba ta yi kumfa ko wari ba. A ware ɗan ludayi tun kafin a zuba ruwa a gora, a rufe shi daban. A madafa, tana shiga ƙullin masa ta ƙara masa tsami da laushi, kuma idan ta haɗu da bekin soda ko ɗan ruwan kanwa a kwaɓin fulawa takan tayar da shi, domin tsamin ne ke sa su fitar da iska. Wadda ta yi tsami fiye da kima, a ɗora ta a wuta kaɗan ba tare da ta tafasa ba, za ta tsinke, gudaji su rabu da ruwa. A tace da ƙyalle, a ci gudajin da gishiri ko sukari. Ruwan da ya tsiyaye da na wankin mai, a kwaɓa dusa da su a ba kaji, ko a ba maruƙan da suka fara cin ciyawa kaɗan-kaɗan. Cuku irin na tumfafiya kam ba ya yiwuwa da tsala, wannan aikin madara ce sabuwar tatsa.

Inda tsala ba ta da hurumi shi ne wurin jariri. Yaron da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya kamace shi. Bayan nan ma, har ya shekara, tsala ba za ta maye gurbin mama ba, sai dai a ɗan dama masa a kunu. Bitamin A yana bin mai ne ya tafi cikin curi, kuma ƙaramin yaro yana buƙatar man don ƙarfi da girma. Gidan da ake kaɗa nono kullum a kai man kasuwa, ya kamata a ware wa yaran da aka yaye ɗan kindirmo kafin a ɗura gora, ko a jefa musu ɗan man shanu a kunu da tuwo.

Mai saye a gari yana iya gane irin tsalar da ke gabansa. A tsoma ludayi a ɗaga: mai kyau takan lulluɓe bayansa da fari ta sauka a hankali, wadda ta sha ruwa kuwa zubewa take ta bar shi kusan wanke. Wadda aka sa wa kuka launinta yakan ɗan dushe, da ɗan gari-gari a harshe, tsaminta kuma daban yake da na nono. Ganin ruwa ya kwanta a sama shi kaɗai ba hujja ba ne, domin tsala tsantsa ma takan tsinke idan ta sha rana a hanyar kasuwa, a burga ta ta koma. Wanda kuma ya sayi nonon roba da aka haɗa da madarar gari ya ɗura a gora yana jiran man shanu, zai sha wahalar banza. A masana'anta an riga an farfasa ɗigon man sun yi ƙanƙantar da ba sa taruwa, kuma da yawa daga madarar buhu da ake aunawa a kasuwa an cire mata man saniya tun can an maye shi da man itatuwa.